Ƙararrawa ta kaɗa ƙarfe biyun dare: me ya kamata mai jiran ko-ta-kwana ya tarar a takarda?

Aminu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna riƙe da saba a kan wani abu da ya same mu a makon jiya. A wurin da nake aiki muna da manhajar adashi, kuma kowane dare da ƙarfe biyu akwai wani aiki da ke tashi da kansa ya cire zubin ranar daga asusun kowane mamba, mutum kusan 3,200. Da ƙarfe tara na safe kuma wani aikin ke tashi ya biya waɗanda kwasa ta faɗo kansu. A daren Talata aikin cire zubi ya mutu a tsakiya bayan ya cire wa mutum 1,140, ƙararrawa ta tashi abokin aikina daga barci, shi kuwa ya shiga saba ya kunna sikirif ɗin da hannunsa. Sikirif ya fara daga mamba na farko, aka cire wa mutum 1,140 zubi sau biyu, muka shafe kwana biyu muna mayar da kuɗi da ba da haƙuri.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da takardar matakai, wadda muke kira ranbuk, kuma ni na rubuta ta. Shafi shida ce, kuma a shafi na huɗu na rubuta ƙarara cewa kada a sake kunna aikin kafin a duba adadin waɗanda aka riga aka cire wa. Bai kai shafi na huɗu ba. An ce in sake rubuta ta, kuma ba na so in sake yin irin ta jiya da sabon fenti. Ta ina zan fara?

Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. A ganina matsalarku tana wajen na'urar sa ido. Idan kuka kafa Prometheus da Grafana za ku riƙa ganin komai a allo ɗaya, har da nauyin da ke kan saba da cikar diski, kuma zan iya turo maka yadda muka kafa namu.

Aminu:
Na gode, Malam Bashir, amma Prometheus muke amfani da shi, kuma ya yi aikinsa, domin ƙararrawar ta kaɗa cikin minti biyar da mutuwar aikin. Abin da ya faru bayan mutum ya farka shi ne matsalar.

Malama Rabi:
Malam Aminu, kafin komai ina so ka cire laifi daga kan abokin aikinka, domin abin da ya yi shi ne abin da kusan kowa zai yi. Mutumin da aka tasa ƙarfe biyun dare abu ɗaya yake nema, wato hanyar da ƙararrawa za ta yi shiru ya koma ya kwanta, kuma hanya mafi kusa da hannunsa ita ce sake kunna abin da ya mutu. Ka rubuta takardarka da rana, da shayi a gefenka, ga mai karatu irinka wanda ke da sha'awar sanin tarihin aikin da zanen yadda bayanai ke tafiya. Wanda zai karanta ta kuwa ido ɗaya ne a buɗe, a waya yake dubawa, kuma ba zai wuce abin da allo ya nuna masa da farko ba.

Saboda haka duk hukuncin da ke buƙatar tunani sai ka yanke shi tun da rana, ka ajiye masa sakamakon a layukan farko. Tambayoyi uku ne zai zo da su ko da bai furta ba: me ya lalace a wajen mutane, zuwa yaushe abin zai iya jira, kuma ko an yarda ya sake kunnawa. Da ni ce zan rubuta taku, da ga yadda za ta buɗe:

"KADA KA SAKE KUNNA WANNAN AIKI, ko da hannu ko ta `systemctl`. Idan ka kunna, za a cire wa mutane kuɗi sau biyu. Aikin yana cire zubin adashi. Idan bai kammala ba, babu wanda ya yi asara a yanzu, kuma ana da lokaci har ƙarfe takwas na safe agogon Najeriya, domin biyan kwasa ƙarfe tara ne. Aikinka a daren nan shi ne ka gano halin da yake ciki, ka rubuta, ka kira mai aikin idan mataki na uku ya ce ka kira."

Ka lura da jimlar da ta ce babu wanda ya yi asara a yanzu. Ita ce ke kwantar da hankalin mutum har ya iya karanta sauran, kuma yawancin takardun da nake gani ba su da ita. Tarihin aikin da zanensa su koma wata takarda dabam, ka sa mahaɗinta a can ƙasa.

Sagir:
Da girmamawa, Malama, ni ina ganin ana wahalar da kai ne. Duk matakin da za a iya rubutawa a takarda ana iya rubuta shi a sikirif. Idan aiki ya mutu, a sa ya sake gwadawa da kansa sau uku, a bar tazarar minti goma tsakani, sai idan duka ukun sun gaza a tashi mutum. Mu haka muke yi da ayyukanmu na dare, kuma tun da muka fara, kiran dare ya ragu sosai. Takarda tana tsufa, babu mai sabunta ta, amma sikirif kullum yana aiki.

Malama Rabi:
Malam Sagir, rabin maganarka gaskiya ce, kuma nan ya kamata su Aminu su nufa a ƙarshe. Amma ka ɗora shawararka a kan aikinsu yadda yake a yau: da an sa ya sake gwadawa sau uku, kuma abin da ya kashe shi bai gushe ba, da an cire wa mutanen farko zubi sau huɗu kafin kowa ya farka. Sake gwadawa da kai yana da aminci ne kawai ga aikin da ko sau goma aka kunna shi sakamakon ɗaya ne, kamar kwafin ajiya da ke rubuta sabon fayil, ko rahoton da ke goge na jiya ya sa na yau. Aikin da ke taɓa kuɗi ko ke aika saƙo sai an gina masa wannan hali da gangan.

A wajensu gyaran ba mai tsawo ba ne. A sa wa teburin zubi sharaɗin cewa mamba ɗaya ba zai sami layi biyu a rana ɗaya ba, sannan a shigar da layin kamar haka:

```sql
INSERT INTO zubi (mamba, rana, adadi)
VALUES ($1, $2, $3)
ON CONFLICT (mamba, rana) DO NOTHING;
```

Sai a rage kuɗin asusu kawai idan layin ya shiga, kuma a yi duka biyun tsakanin `BEGIN` da `COMMIT` ɗaya, ta yadda ko dai su tabbata tare ko su rushe tare. Ranar da aka yi wannan gyara aka gwada shi, layin farko na takardar zai canja ya koma cewa an yarda a sake kunnawa. Kafin ranar kuwa akwai darare da yawa, kuma takardar domin su ake rubuta ta.

Aminu:
Gyaran yana cikin jerin aikin masu manhaja, sun ce mako uku. To, bayan waɗannan layuka na farko, me zai biyo baya? A tsohuwar takardar na rubuta "duba log domin gano musabbabi", kuma yanzu da na sake karantawa na ga ban faɗa masa komai ba.

Malama Rabi:
Wannan jimla ita ce ta fi yawa a takardun irin wannan, kuma ita ce ta fi rashin amfani, domin ba ta faɗi wane log ba, a wace saba, da wane umarni, kuma me zai nema a ciki. Kowane mataki ya ƙunshi abu uku a jere: umarnin da zai kwafa ya liƙa ba tare da canja harafi ba, abin da zai gani a allo, da inda zai nufa daga nan. Na ɗauka da systemd kuke tayar da aikin, to matakin farko shi ne waɗannan:

```bash
systemctl list-timers --all zubi.timer
systemctl status zubi.service --no-pager
```

Daga nan hali uku ne kawai, kuma kowanne da hanyarsa. Na farko, aikin bai tashi ba sam. Zai gane haka idan ginshiƙin `LAST` yana nuna daren jiya ko wanda ya gabace shi. Na sa `--all` da gangan, domin idan wani ya kashe agogon aikin lokacin wani gyara ya manta bai kunna ba, umarnin ba zai nuna shi ba sai da wannan ƙarin, kuma mai barci zai zaci sunan ne ya rubuta ba daidai ba. A wannan hali ba a cire wa kowa komai ba, kuma shi kaɗai ne halin da za ka iya yarje masa ya kunna, bayan ya tabbatar da cewa adadin layukan ranar sifiri ne.

Na biyu, aikin ya tashi kuma har yanzu yana tafiya. Idan nau'insa `Type=oneshot` ne, zai ga `activating (start)`. A nan ne dole ka rubuta masa tsawon lokacin da aikin ya saba ɗauka, domin in ba haka ba ba zai iya bambance mai tafiyar hawainiya da wanda ya maƙale ba. Ka ce masa yakan ɗauki minti kaza, ya ƙirga layukan ranar, ya jira minti biyu, ya sake ƙirgawa. Idan adadin yana ƙaruwa, ya bar shi. Idan ya tsaya cak, ya kira mai aikin, kada ya kashe shi da kansa. Akwai wani tarko a nan da ya kamata ku sani: aikin `oneshot` ba shi da wa'adi sai an sa masa `TimeoutStartSec`, don haka idan ya maƙale zai iya zama haka har abada, kuma muddin yana nan agogo ba zai tayar da na daren gobe ba.

Na uku shi ne abin da ya same ku, wato ya tashi ya mutu, kuma zai ga `failed` da ja. Sai ya karanta layuka arba'in na ƙarshe:

```bash
journalctl -u zubi.service --since "6 hours ago" -n 40 --no-pager
```

Kada ka jera masa duk kuskuren da zai iya faruwa a duniya. Ka ɗauki uku ko huɗu da suka taɓa faruwa da ku, ka kwafo ainihin rubutun da ke fitowa a allo, ka ce masa idan ka ga wannan to ga ma'anarsa. Misali `No space left on device` yana nufin diski ya cika, `Failed with result 'oom-kill'` kuma yana nufin ram ta ƙare har tsarin ya kashe aikin. Sannan ka rufe da layi ɗaya: idan abin da ka gani ba ya cikin waɗannan, kada ka yi gwaji, ka kira wane.

Malam Yusufu:
Ina bin wannan magana daga Maraɗi, kuma ina da ƙari biyu ƙanana da na koya da wahala. Na farko shi ne agogo. Sabobi da yawa suna kan UTC, mu kuwa a Nijar da Najeriya muna gaba da awa ɗaya, don haka aikin ƙarfe biyun dare zai bayyana a log a matsayin 01:00. Na taɓa ɓata rabin awa ina neman abin da ya faru ƙarfe biyu a log alhali yana layukan ƙarfe ɗaya. Duk lokacin da aka rubuta a takarda a faɗi na wane agogo ne, kuma a faɗi wanda log ke amfani da shi.

Na biyu shi ne inda takardar take zaune. Tamu tana kan sabar da ta mutu a daren da muka fi bukatarta. Yanzu mahaɗinta yana cikin saƙon ƙararrawar kansa, ta hanyar `runbook_url` a cikin `annotations` na ƙa'idar Prometheus, kuma tana buɗewa a waya ko da intanet ɗin ba ta da ƙarfi, babu hotuna masu nauyi.

Zainab:
Ni nawa labarin ya ɗan bambanta, amma ina ganin ya shafi wani sashe da ba a taɓo ba tukuna, wato yadda mutum zai san cewa ya gama. Muna da aikin kwafin ajiya na rumbun bayanai, kuma a cikin sikirif ɗin layin haka yake:

```bash
pg_dump asusu | gzip > asusu.sql.gz
```

An canja kalmar sirrin rumbun, `pg_dump` ya riƙa gazawa kowane dare, amma aikin yana ba da rahoton nasara, domin a irin wannan jeri lambar fita ta umarnin ƙarshe ake ɗauka, shi kuwa `gzip` bai yi kuskure ba, ya matse babu ya ajiye. Kwana goma sha ɗaya muna ajiye fayil mai bayit 20. Mun gyara da `set -o pipefail`, amma darasin da na ɗauka ga takarda shi ne cewa kore a allo ba hujja ba ce. Matakin ƙarshe na tamu yanzu yana cewa a duba girman fayil ɗin a kwatanta da na jiya, kuma na rubuta girman da ake sa rai. A wajenka, Malam Aminu, ina ganin hujjar ita ce adadin layukan zubi na ranar ya yi daidai da adadin mambobi masu zubi, kuma babu mamba mai layi biyu.

Aminu:
Wannan ya taɓa ni, Malama Zainab, domin a daren nan abokin aikina ya ga aikin ya kammala lafiya a karo na biyu, ƙararrawa ta yi shiru, ya koma barci. Sai da safe kiran mutane ya sanar da mu. Da takardar ta sa shi ya ƙirga, da ya ga 4,340 a maimakon 3,200, da an fara mayar da kuɗi kafin kowa ya tashi sallar asuba.

Sagir:
Na karɓi gyaran Malama Rabi a kan sake gwadawa. Amma ga wata tambaya da takardar da kanta ta haifar. Idan layin farko ya ce ana da lokaci har ƙarfe takwas, kuma ya ce kada a taɓa komai, to me ya sa ake tashin mutum ƙarfe biyu da kwata? Ƙararrawar da amsarta ita ce "duba ka rubuta" ba ta cancanci barcin kowa ba. A mayar da ita ƙarfe shida na safe, lokacin da mai aikin ma yana farke.

Malama Rabi:
A nan kam ina tare da kai fiye da rabi. Rubuta irin wannan takarda sau da yawa shi ke tona cewa ƙararrawar ce ba ta da dalili, domin idan ka zauna ka kasa rubuta abin da mutum zai yi da dare, to babu abin da zai yi. Abin da ya hana ni cewa a ɗage ta kai tsaye shi ne ban san tsawon gyara mafi muni ba. Idan diski ne ya cika, minti goma ne. Idan kuwa rumbun ne ya sami matsala har sai an dawo da shi daga kwafin ajiya, awa biyun da ke tsakanin shida da takwas ba lalle su isa ba. Malam Aminu ne zai iya ƙirga wannan, ya ɗauki wa'adin ƙarfe takwas ya cire gyara mafi tsawo da suka taɓa yi, abin da ya rage shi ne lokacin ƙararrawa.

Malam Yusufu:
Ni ban yarda a ɗage ba, ko da lissafin ya ba da dama. Aikin da ya mutu a tsakiya yakan zama alamar wani ciwo mafi girma a rumbun, kuma gara a sani ƙarfe biyu da a sani ƙarfe shida ana gaggawa. Abin da na fi so shi ne a tashe ni, in duba cikin minti goma da takarda mai kyau, in koma in kwanta da sanin halin da ake ciki.

Sagir:
Malam Yusufu, idan rumbun ne ke ciwo, ai rumbun yana da tasa ƙararrawar, ita ce za ta tashe ka. Kuma minti goman da kake faɗa ba minti goma ba ne ga wanda barci ba ya komo masa, sannan ya zo ofis da safe.

Aminu:
Wannan zan kai shi gaban shugaban sashenmu, domin ba ni kaɗai zan yanke ba, kuma gyara mafi tsawo da na tuna ya kai awa uku, don haka ko an ɗage ba zai wuce ƙarfe biyar ba. Na sake rubuta takardar jiya da dare, ta dawo shafi ɗaya da rabi. Abin da ya rage mini shi ne sashen kiran mai aikin. Na rubuta "tuntuɓi sashen manhaja", amma na ji a jikina cewa irin "duba log" ce.

Malama Rabi:
Irinta ce sak. Ƙarfe uku na dare babu wani sashe, mutum ne da waya. Ka sa mahaɗin jadawalin masu jiran ko-ta-kwana na wannan mako maimakon sunan mutum ɗaya da zai iya barin aiki, ka faɗi cewa kira za a yi ba saƙo ba, ka faɗi minti nawa za a jira kafin a kira na biyu. Sannan ka ƙara jimlar da ke cire kunya, domin ƙaramin ma'aikaci zai gwammace ya yi gwaji a kan kuɗin mutane da ya tashi na gaba da shi daga barci: ka rubuta cewa kiran nan umarni ne na takarda, kuma ba za a zargi wanda ya kira ba ko da abin ya zama ƙarami.

Kafin ka ce ta kammala, ka ba wa wanda ya fi kowa sabunta a cikinku, ka kashe aikin a tsakiya a sabar gwaji, ka zauna a gefensa ka kama bakinka. Duk inda ya ɗago kai ya dube ka, ka sa alama a wurin, domin a nan takardar ta gaza. A nan ne za ka gano ko asusunsa ma yana da izinin karanta `journalctl`, tunda wanda ba ya cikin rukunin `systemd-journal` ko `adm` ba zai ga log ɗin aikin ba sai da `sudo`.

Aminu:
Na duba yanzu, kuma mutum biyu cikin huɗun da ke jadawalin ba sa cikin ko ɗaya daga rukunan. Na tura buƙatar a ƙara su. Gwajin kuma mun sa shi ranar Alhamis bayan la'asar, da wata 'yar'uwa da ta fara aiki da mu watan jiya.